Na manta faswod ɗin waifai: yadda ake shiga shafin admin na rauta da kebul (tambayoyi da amsoshi)

Wannan tambayar kusan duk sati sai an kawo min ita shago, wani ya sayi sabuwar waya ya zo haɗawa ya ga bai tuna faswod ba, wani kuma yaron da ya saita masa rautar ya tafi makaranta ko ya bar aiki, wani ma shi da kansa ya canza faswod cikin dare dan ya kori masu shan masa data, gari ya waye ya manta abin da ya sa. Kuma abin da ke damuna shi ne yawancinsu kafin su zo sun riga sun soka tsinke a ramin risetin sun goge komai. Shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi min na amsa su a nan.

Wai da gaske ana iya shiga rauta ba tare da faswod ɗin waifai ba?

Eh, sosai ma. Faswod ɗin waifai ƙofar iska kawai yake tsarewa, wato duk wanda zai haɗu da rautar ba tare da igiya ba. Wanda ya jona kebul kai tsaye daga kwamfuta zuwa bayan rauta ba ta wannan ƙofar ya bi ba, dan haka rautar ba za ta tambaye shi komai ba, kana jonawa za ta ba kwamfutarka adireshi ta ɗauke ka a matsayin ɗan gida. Ko data babu, ko sim ɗin ya mutu, ko kamfani sun yanke layin, shafin admin zai buɗe, saboda shafin a cikin rautar yake zaune ba a intanet ba. Wannan mutane da yawa ba su gane shi ba, sai ka ji mutum yana cewa bari in sa data tukunna.

Amma fa akwai mukulli na biyu, shi ne faswod ɗin admin, kuma shi kebul ba ya tsallake shi. Zan zo kansa a ƙasa.

Wane irin kebul ne, kuma a wane rami zan sa?

Kebul ɗin netwok, wanda a kasuwa za ka ji ana cewa kebul ɗin LAN ko RJ45. Kansa roba ce mai faɗi da ɗan harshe da ke cewa ƙas idan ya shiga, kuma in ka duba ciki za ka ga siraran wayoyi guda 8. Kar ka haɗa shi da na tarhon gida na da, wancan kansa ya fi ƙanƙanta. Yawancin rauta ana sayar da su da guntun kebul ɗin nan a cikin kwali, to ka fara duba kwalin kafin ka je saye. Ko Cat5e ne ko Cat6 duk ɗaya ne a wannan aikin.

Ramin shi ne inda ake yawan yin kuskure. A bayan rauta akwai ramukan da aka rubuta LAN, wani lokaci LAN1 zuwa LAN4, sannan akwai guda ɗaya daban da aka rubuta WAN ko Internet, sau da yawa kalarsa ma daban ce. Kai LAN za ka sa. WAN ta nan intanet ke shigowa daga waje, rautar tana kallon duk wanda ke wannan ɓangaren a matsayin baƙo, ba za ta ba ka adireshi ba kuma ba za ta nuna maka shafinta ba. Rautar sim masu rami ɗaya da aka rubuta LAN/WAN, waɗannan yawanci suna gane abin da aka jona musu da kansu, sa kawai.

Idan ya shiga daidai ya kamata ka ga fitilar LAN ta kama a gaban rautar, ko ƙaramar fitila tana ƙyafta a bakin ramin kwamfuta in tana da ita. In ba abin da ya kama, canza rami, in har yanzu shiru to canza kebul, dan irin waɗanda harshensu ya karye suna zamewa ba ka sani ba.

Laftof ɗina ba ta da ramin kebul kwata-kwata, ya zan yi?

Sababbin laftof sirara yawanci haka suke. Ka nemi adafta ta USB zuwa LAN, gefe ɗaya USB ko USB-C ɗaya gefen ramin kebul, duk shagon kayan kwamfuta za ka samu. Yawancinsu a Windows 10 da 11 kana sawa suke aiki. Wayoyin Android da yawa masu USB-C ma suna karɓar irin wannan adaftar, za ka ga alamar kebul ta fito a sama, sai dai ba kowace waya ba, kuma in za ka gwada ka kashe datar wayar tukunna kar burauza ta bi ta can.

In kuma ƙaramar maifai ce ta aljihu wadda ba ta da ramin LAN, kebul ɗin USB ɗinta shi ne hanyarka: ka jona ta da kwamfuta, da yawansu kwamfuta na ganinsu kamar katin netwok, daga nan sauran matakan duk iri ɗaya ne. Amma kebul ɗin ya zama mai ɗaukar data, ba irin na caji kaɗai ba.

To na jona. Wane adireshi zan rubuta?

Ka fara juya rautar ka karanta sitikar da ke ƙasanta, a nan ake rubuta adireshin da sunan shiga da faswod na asali. Waɗanda aka fi gani su ne 192.168.0.1 da 192.168.1.1. Rautar sim ta Huawei yawanci 192.168.8.1 ce, akwatin faiba na Huawei da yawa 192.168.100.1, TP-Link kuma ban da lamba suna da suna, tplinkwifi.net.

Amma ni ba na son canki-canki, dan wanda ya saita rautar zai iya canza adireshin, sitika kuma ba za ta sani ba. Gara ka tambayi kwamfutar da kanta. Da farko ka kashe waifai ɗin laftof gaba ɗaya, wannan yana da muhimmanci, in ba haka ba tana iya maƙale da hotsifot ɗin wayarka ko na maƙwabci ta nuna maka adireshin can. Sai ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta `cmd`, baƙin allo zai fito, ka rubuta:

```
ipconfig
```

Nemo sashen da ya fara da `Ethernet adapter`, a ƙarƙashinsa za ka ga wani abu kamar haka:

```
IPv4 Address. . . . . : 192.168.8.100
Subnet Mask . . . . . : 255.255.255.0
Default Gateway . . . : 192.168.8.1
```

Layin farko adireshin kwamfutarka ne, na ƙarshe, `Default Gateway`, shi ne rautar. Shi za ka rubuta a burauza. Mai Linux ya rubuta `ip route` ya duba lambar da ke bayan `default via`, mai Mac kuma `route -n get default`.

Kuma dan Allah a saman burauza za ka rubuta, wurin adireshi, ba a akwatin binciken Google ba. Lambobi huɗu ne da ɗigo uku a tsakani, duk lambobi, ba harafi ko ɗaya. Na sha ganin an rubuta harafin l a madadin 1 ko harafin o a madadin 0.

Ni ban ga `Default Gateway` ba, wurin fayau yake, kuma adireshina ya fara da 169.254

To wannan alama ce mai amfani, tana gaya maka abu takamaimai. Duk adireshin da ya fara da 169.254 ba rauta ce ta bayar ba, kwamfutar ce ta roƙi adireshi ba wanda ya amsa mata sai ta laƙa wa kanta. Ma'ana kebul ɗin yana da rai amma ba a raba mata adireshi ba. Abu na farko da zan duba shi ne ko a WAN ka sa. Na biyu, ko rautar ba ta gama tashi ba, ka ba ta kamar minti biyu bayan kunnawa musamman in yanzu aka kawo wuta, sannan ka sake roƙa:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
```

In duk da haka 169.254 ke dawowa, to akwai yiwuwar an kashe DHCP a rautar, wato sashen da ke raba adireshi. Ana yin haka idan rautar ta biyu ce a gida ko ofis, an ja mata kebul daga babbar dan ƙara nisan waifai kawai. A nan sai ka ba kwamfutarka adireshi da hannu. Windows da R, rubuta `ncpa.cpl`, danna dama a kan `Ethernet`, `Properties`, sai ka danna sau biyu a kan `Internet Protocol Version 4 (TCP/IPv4)`, ka zaɓi `Use the following IP address`. In sitika ta ce rautar 192.168.0.1 ce, kai ka sa 192.168.0.50, `Subnet mask` kuma 255.255.255.0. Dokar ita ce ukun farko su zama iri ɗaya da na rauta, na ƙarshe ya bambanta. Sai ka gwada shafin.

Idan ka gama ka koma ka mayar da shi `Obtain an IP address automatically`. Wlh mutane suna mantawa da wannan, bayan sati su kai laftof ofis su jona kebul ta ƙi aiki, su ɗauka lalacewa ta yi.

In kuwa abin da ka gani shi ne `Media disconnected`, wannan ba maganar adireshi ba ce, kwamfutar ba ta ma ji an jona komai ba, koma kan kebul da rami da adafta.

Adireshin daidai ne amma shafin ya ƙi buɗewa

Fara da tabbatar da rautar na jinka:

```
ping 192.168.8.1
```

ka sa naka adireshin a wurin. In ka ga `Reply from` da adireshin rautar da lokaci a gaba, hanya lafiya lau take, matsalar a burauza take. Kashe VPN in kana da shi, shi ne babban mai laifi. Sannan ka rubuta adireshin da `http://` a gaba, dan wasu burauza suna tilasta https su kuma tsofaffin rauta ba su iya shi ba. Wani lokacin akasin haka ne, shafin zai fito da jan gargaɗi `Your connection is not private`, wannan a kan rautarka da ka jona da hannunka ba abin tsoro ba ne, takardar shaidar rautar ce burauza ba ta sani ba, danna `Advanced` ka wuce. A shafin banki kam in ka ga wannan kar ka wuce.

Ya buɗe, yana tambayar `Username` da `Password`. Na sa na waifai da nake zato ya ƙi

Nan ne mukulli na biyu da na ce. Faswod biyu ne a kowace rauta: na waifai wanda kake ba baƙi, da na admin wanda ke buɗe saitin. A sitika ma daban-daban ake rubuta su, na waifai za ka gan shi kusa da SSID, wato sunan waifai ɗin, da suna kamar `WiFi Key` ko `Wireless Password`, na admin kuma kusa da adireshin shiga. Tsofaffin rauta da yawa `admin` ne sama `admin` ƙasa. Sababbi kuwa wasu na da nasu na musamman a sitika, wasu kuma ranar farko suke tilasta wa mai saitawa ya ƙirƙiri nasa, to in taka irin wannan ce ba wani faswod na asali da zai yi aiki, sai wanda aka sa ranar.

Shawarata a nan, kar ka yi ta jefa faswod barkatai. Rauta da yawa in ka yi kuskure 'yan sau kaɗan a jere suna kulle shafin na ɗan lokaci, kai kuma sai ka ɗauka wanda ka sa daga baya ma ba daidai ba ne alhali kulle kake. Ka zauna ka yi tunani tukunna. Gwada na sitika, ka lura da manya da ƙananan haruffa. In ya ƙi, kira wanda ya saita. Sannan ka duba burauzar kwamfutar da aka yi saitin da ita, sau da yawa ta adana shi, a Chrome yana cikin `Password Manager`, ka nemi adireshin rautar a jerin. Wasu rautar kuma a saitin farko suna ba da zaɓin a mai da faswod ɗin admin iri ɗaya da na waifai, to in kana tuna wani tsohon faswod ɗin waifai na farko-farko, shi ma ya cancanci gwaji ɗaya.

Na shiga! Ina faswod ɗin yake?

Nemo `Wireless`, ko `WLAN`, ko `Wi-Fi Settings`, ya danganta da kamfani. A ciki akwai sunan waifai a gaban SSID, faswod kuma a gaban `Password` ko `Pre-Shared Key` ko `Passphrase`. Yawanci ɗigo-ɗigo za ka gani, da alamar ido a gefe ko akwatin `Show password`. In ya nuna, ka rubuta a takarda ka fita ba tare da ka taɓa komai ba, duk wayoyin gida za su ci gaba da aiki yadda suke.

In rautar ba ta nunawa, sai dai ka sa sabo. A tsarin WPA2 faswod daga harafi 8 ne zuwa 63, kuma ka bar tsaron a WPA2 ko WPA3, kar ka zaɓi WEP ko `Open`. Ka duba ko rautar na da waifai biyu, 2.4GHz da 5GHz, dan wasu kowanne da nasa faswod, ka canza ɗaya ka bar ɗaya sai rikici. Kana danna `Save` ko `Apply` duk wanda ke kan waifai zai faɗo, amma kai da ke kan kebul kana nan daram, kuma wannan shi ne daɗin yin aikin da kebul: ko ka yi kuskure wajen rubutawa ba ka kulle kanka a waje ba, sai ka gyara. Wayar da ta ƙi haɗuwa bayan canji, ka shiga waifai ɗinta ka danna `Forget` ka sake sa sabon.

Ba zai fi sauƙi in danna risetin kawai ba, Malam?

Wani lokacin, eh. Amma ka san me za ka rasa kafin ka danna, dan ba ya dawowa. Risetin, wato danna ɗan maɓallin da ke cikin rami da tsinke na kamar daƙiƙa 10 rautar na kunne, yana mayar da komai yadda aka fito da shi daga kamfani. Sunan waifai da faswod ɗinsa da na admin duk su koma na sitika, wannan shi ne abin da kake so. Amma tare da su saitin da ke haɗa ka da intanet shi ma ya tafi.

In rautar sim ce wadda kamfanin layin ya sayar maka da ita, yawanci ba matsala, tana tashi ta kama netwok da kanta. In kuwa rautar buɗaɗɗiya ce aka sa mata APN da hannu, wato saitin da ke haɗa sim da intanet ɗin kamfanin layin, sai an sake sawa. Inda abin ya fi zafi shi ne masu faiba ko masu eriya a saman rufi, dan da yawansu rautar na shiga ne da suna da faswod na PPPoE ko da adireshi tsayayye da kamfani ya bayar, kuma mai gida bai taɓa ganinsu ba, injiniya ne ya sa ya tafi. Ka yi risetin, waifai ya dawo da cikakkun sanduna, intanet babu, sai ka jira kamfani. Haka masu kyamarar tsaro da ake kallo daga waya, da firintar ofis da aka ba adireshi tsayayye, duk suna iya tsayawa.

Bari in ba da misali da wani aiki da na yi. Wata Hajiya mai shagon buga takardu da rajistar jarabawa, yaron shagonta ya canza faswod ya koma garinsu, wayarsa ba ta shiga, ga sabuwar laftof an kawo ana son haɗawa. Ta ce min, ɗan nan ka danna abin nan kawai mu huta. Na ce Hajiya a ba ni minti goma tukunna. Rautar tana da ramuka huɗu na LAN da WAN ɗaya wanda kebul ɗin eriyar rufi ke ciki. Na jona a LAN2, na kashe waifai, `ipconfig` ya ba ni 192.168.0.1 duk da sitika ta ce 192.168.1.1, kaga da na bi sitika da na ɓata lokaci, kuma wannan bambancin ya nuna min an taɓa saitin da gangan. Faswod ɗin admin na sitika ya ƙi. Ban sake gwada wani ba, na je tsohuwar kwamfutar teburin shagon na duba burauza, ga shi nan a adane tun ranar da aka saita. Da na shiga na leƙa sashen WAN, PPPoE ne, kuma Hajiya ba ta da takardar da aka rubuta sunan shigar. Da mun soka tsinke, shagon zai wuni ba intanet a tsakiyar lokacin rajista. Faswod ɗin waifai kuma yana nan a `Wireless`, alamar ido kawai na danna.

To risetin sai in faswod ɗin admin ya ɓace gaba ɗaya, sitika na karantuwa, kuma ka tabbata kana da bayanan haɗin intanet ɗinka ko kamfani sun ce za su sake saita maka. In akwatin na kamfani ne, kira su kafin ka taɓa.

Ba ni da kebul yanzu, akwai wata dabara?

In akwai na'urar da ta taɓa haɗuwa da waifai ɗin, faswod na cikinta. A laftof mai Windows, a baƙin allon nan:

```
netsh wlan show profile name="SunanWaifai" key=clear
```

ka sa ainihin sunan waifai ɗinka a tsakanin alamomin, ka duba layin `Key Content`. In layin bai fito ba ka buɗe `cmd` ɗin da `Run as administrator`. A Android 10 zuwa sama, shiga waifai ɗin da wayar ke kai ka danna `Share`, za ta fito da lambar QR da wata waya za ta iya ɗauka, wasu wayoyin ma suna rubuta faswod ɗin a ƙasa. Sai dai abin da aka adana na ƙarshe za ka gani, in an canza faswod bayan nan tsoho ne zai fito. Kuma wayar da har yanzu ke kan waifai ɗin tana iya buɗe shafin admin kai tsaye, ba sai da kebul ba.

Rautar gidan haya ce ko ta ofis, zan iya yin haka?

A'a, sai da izinin mai ita. Kebul zai ba ka hanya, amma shiga saitin kayan wani ba da saninsa ba cin amana ne, kuma in ka canza wani abu kowa a gidan zai faɗo. Ka tambaye shi faswod ɗin kawai.

Kai kuma mai rauta, wannan tambayar ta nuna maka inda raunin yake: duk wanda hannunsa ya kai bayan rautarka da kebul, in har faswod ɗin admin `admin` ne, zai karanta na waifai ko sau nawa ka canza shi. Dan haka tun kana cikin shafin ka shiga `System` ko `Administration` ko `Management` ka canza na admin, ya bambanta da na waifai. In rautar na da `Backup` ka sauke fayil ɗin saitin ka ajiye a filash. Sannan ka rubuta adireshin rautar da faswod ɗin biyu da bayanan PPPoE ko APN a takarda ɗaya, ka sa a cikin kwalin rautar tare da kebul ɗin, kwalin kuma a ɗaki, ba a kan teburin shago ba.